Sunan Kawuna a Takardun Aikina

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Zurmi, kuma na yi shekaru da dama ina amsa sunan da rabinsa na aro ne. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba sai shekarar da aka yi aikin tantance ma'aikata. Wata safiya na shigo da kwalin alluran rigakafi a hannu, na tarar an liƙa takarda a bangon ofishin shugabanmu, abokan aikina sun yi cirko-cirko a gabanta. Jerin waɗanda aka samu matsala a bayanansu ne. Sunana ne na uku, an rubuta a gefensa cewa sunan da ke takardar albashi ya saɓa da na banki da na katin ɗan ƙasa. An ba mu mako uku mu gyara. Wanda bai gyara ba za a cire shi daga albashi, a jera shi da ma'aikatan bogi har sai kwamiti ya zauna a kansa, kuma kowa ya san kwamiti ba ya sauri.

Ni da nake tsaye tun safe har la'asar ina auna cikin mata, wai ni ce ta bogi. Dariya na fara yi, daga baya dariyar ta tsaya, domin na san inda matsalar take, na kuma san wanda za ta taɓa.

An haife ni a Galadi. Da aka yaye ni, sai yayan mahaifiyata ya roƙa a ba shi riƙona, aka ɗauke ni zuwa gidansa a Kaura Namoda. Tela ne a kasuwa, kuma Baba nake ce masa har yau, bakina bai taɓa iya kiransa kawu ba. Ranar da za a sa ni firamare shi ya riƙo hannuna. A wancan lokacin hedimasta ba ya tambayar wa ya haifi yaro, sunan wanda ya kawo shi kawai yake rubutawa. Haka sunan Baba ya manne a bayan nawa, ya bi ni sakandare, ya bi ni makarantar koyon aikin lafiya, ya shiga takardar ɗaukata aiki da katin shaidar da nake ratayawa a wuya. Mahaifina manomi ne mai 'yan shanunsa, bai san ma ana irin wannan rubutun ba har Allah ya yi masa rasuwa ina aji uku a sakandare.

Saɓanin ya samo asali ne a Shinkafi, inda mahaifiyata ta koma da zama bayan zaman ƙauye ya yi wuya. Na je gaishe ta, muka tafi yin katin ɗan ƙasa tare. Mai ɗaukar bayani ya ce in faɗi sunan mahaifina, ita kuwa tana zaune a benci kusa da ni, har kafaɗarmu na gogar juna. Sunan mahaifina na faɗa. Da banki suka matsa sai sunan asusu ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa, na je na gyara a can ma. Albashi ya ci gaba da shigowa tun da lambar asusun ba ta canza ba, ni kuma na bar na wurin aiki yadda yake. Ba mantuwa na yi ba. Ba na son ranar da Baba zai ji cewa na cire sunansa.

Sai na shirya yin komai a ɓoye. Na nemi izinin kwana biyu, na shiga motar Kaura da hantsi, lokacin da direbobi suka fi yarda da hanya. A kotu na yi takardar rantsuwar gyaran suna, aka manna hotona, na sa hannu, aka buga hatimi. Wani mai shagon kwamfuta ya tura mini sanarwa a jarida, irin 'yar ƙaramar nan da ke cewa wance da aka sani da kaza yanzu a san ta da kaza, kuma duk takardunta na baya suna nan daram. Daga kotun zuwa gidan Baba tafiyar minti goma ce a babur. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata kamar wadda ta ci bashin unguwar, na wuce tasha.

Washegari ina Shinkafi neman takardar shaidar asali mai sunan mahaifina. Mahaifiyata tana tsince wake a faifai na zayyana mata komai.

"Shi yayan nau ya sani?" ta tambaye ni.

"Ba sai ya sani ba, Inna. Aikin ohis na."

Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kanta kan waken. "Ke kika san aikin ohis. Ni dai na san Kaura ba ta ɓoye magana."

Na ji haushinta, don na so ta ce na yi daidai.

Wasiƙar neman gyaran suna a wurin aiki ta fi komai ba ni wahala. Sau huɗu ina rubutawa a bayan tsoffin katunan awo ina yagawa. Da Turanci ake yin ta, zuwa ga shugaban sashen kula da ma'aikata, ta hannun shugaban asibitinmu. Na sa lambar fayil ɗina da matakin albashina da wurin aikina. Na rubuta sunan da ke fayil, na rubuta wanda ya kamata ya zama, na roƙi a gyara shi a takardar albashi, a kundin bayanan ma'aikata, a kuma sake mini katin shaida. A ƙasa na lissafa abin da na haɗo: rantsuwar kotu, shafin jarida, kwafin katin ɗan ƙasa, takardar BVN daga banki, shaidar asali, da takardar ɗaukata aiki. Wurin dalili ne ya tsaya mini a wuya. Na fara rubuta cewa kuskure aka yi a makaranta, sai na ji kalmar ta yi mini nauyi, mutumin da ya ɗinka mini kowace rigar makaranta da hannunsa a kira sunansa kuskure. Na soke, na rubuta cewa sunan mariƙina ne. Shugabanmu ya karanta, ya rubuta a gefe cewa ya miƙa don a duba, ya sa hannu da kwanan wata.

Ofishin kula da ma'aikatan shiyyarmu a Kaura yake. Jami'in da ke kan aikin dattijo ne siriri mai tabarau a kan karan hanci, ba ya gaggawa ko da gini zai faɗo. Ya karanta wasiƙar, ya duba abin da na haɗo ɗaya bayan ɗaya yana lasar yatsa, ya ce ta yi kyau. Har na fara sauke numfashi. Sai ya tashi da kansa ya ɗauko fayil ɗina daga kanta, ya kwance igiyarsa, ya yi ta buɗawa har ƙasa, ya tsaya a wata takarda da ta yi ja don tsufa.

"Malama, wagga hwa?"

Takardar rantsuwar shekaru ce. Ba ni da takardar haihuwa, don a ɗaki aka haife ni, saboda haka lokacin ɗaukata aiki sai da wani babba a dangi ya rantse a kotu kan ranar haihuwata. Baba ne ya yi. Ga hotonsa da sauran baƙin gemu, ga sa hannunsa da ajami, ga layin da ke cewa shi ne mahaifin da ya haife ni. Na manta da ita sam.

"Kin gani," in ji jami'in. "Ke kin rantse wane na ubanki. Shi kuma ya rantse shi na. In na tura haka Gusau, rantsuwa biyu masu karo da juna cikin hwayil guda, ga kwamiti za su miƙa ki. Yana raye?"

"Yana raye, ranka shi daɗe."

"To shi koma kotu shi gyara da bakinai. Shi hwaɗi shi kawu na, riƙo yay yi, ga sunan uban."

Na ce mahaifiyata tana nan, ita ta rantse mana. Ya ce za ta iya, amma rantsuwarta ba ta janye tasa, sai dai ta zama ta uku a fayil. Na ce to in na bar na aiki yadda yake, na mayar da katin ɗan ƙasa da banki kan sunan Baba fa? Ya zare tabarau ya dube ni. Ya ce wannan hanya ce mai nisa, ba ta kwanakin da suka rage mini ba, kuma zan sake rantsuwa kan abin da na riga na rantse ba haka yake ba. Ya ƙara da cewa masu albashi suna rufe aikin wata a tsakiyarsa, in takardata ba ta isa gare su kafin nan ba, ko an amince daga baya sai na ga watan babu komai. Ya mayar mini da wasiƙar, ya ce in ƙara rantsuwar Baba a jerin abin da na haɗo in dawo.

Kwana tara suka rage. Na cinye huɗu ina kai-kawo a asibiti kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Na ɗaura wa mace abin awon jini, na tsaya ina kallon allurar ma'aunin ban san me ta nuna ba, sai da na sake. Tsoro biyu ne suka sa ni gaba. In ban je ba, aikina na hannun kwamiti, ga 'ya'ya, ga Inna da ƙannena da suka baro gona ba shiri. In na je, zan tsaya gaban tsohon da ya sayar da kekensa na hawa ya biya mini jarrabawa, in ce masa ya je gaban hukuma ya faɗa cewa shi ba ubana ba ne. Maigidana ya gaji da ganina haka, ya ce shi zai je ya yi masa bayani. Na ce wallahi in ya je ba ni ba shi har sati. Wannan maganar ba ta aike ba ce.

Ranar Lahadi na isa gidan da azahar. Baba ya daina zuwa kasuwa tun da idonsa ya yi rauni, amma bai daina zama a zaure kusa da keken ɗinkinsa ba, ana kawo masa 'yan gyare-gyare. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi ta jan gaisuwa, ya tambayi yara, ya tambayi hanya, ya tambayi ruwan Zurmi. Na tambayi ƙafarsa sau biyu don in sayi lokaci.

"Wata Talata kwanan baya an gane ki bakin kotu," ya ce yana laluben zare. "Na ce ba ke ba ta, ɗiyata ba ta shigowa Kaura ta koma ba ta taka gidan ga ba."

Kunya ta rufe ni. Na sunkuyar da kai na fara bayani daga kan takardar da aka liƙa a bango. Na yi ta kewaye-kewaye, ina ɗora laifin kan kwamfuta da gwamnati da banki, har dai na iso wurin. Na ce ana son ya koma kotu ya gyara rantsuwar da ya yi.

Ya daina laluben zaren. Ina jin ƙarar injin markaɗe daga maƙwabta.

"Kama ni za su yi?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ce wa zai kama shi, a kan me?

"Rantsuwar ƙarya mana. Na san abin da niy yi ran nan. Mai buga takarda yac ce mani in anka sa kawu, sunan da ag ga takardunki na makaranta za shi ja tambaya, aikin na iya kuɓuce miki. Nic ce sa uba. Tun ran nan ban ƙara bin hanyar kotun ga ba, ta bayan asibiti nika zagayawa." Ya goge bakinsa da gefen rawani. "Kuma ubanki Allah ya jiƙan shi, haƙƙinai na a kira ki da sunanai. Na daɗe ina son in ce a gyara, ina tsoron ki ce na gaji da ke."

Na fashe da kuka a zauren kamar yarinya. Ya ce in yi shiru kada masu wucewa su ɗauka mutuwa aka yi. Na gaya masa gaskiya cewa ban san hukuncin abin ba, amma jami'in da kansa ya ce gyarawa ake yi, kuma zan tsaya kusa da shi. Ya ce ko kamawar ce zai je.

Da safe ya saka babbar rigarsa ta Juma'a, har da turare. Muka biya aka ɗauke shi hoto. A babur na ga yadda ya ƙanƙame ƙarfen baya. A rumfar masu buga takardu da ke bakin kotu, mai bugawar ya tambaye shi suna da sana'a da unguwa, yana amsawa da ƙarfi kamar mai ba da karatu.

"Mi ad dangantakarka da ita, Baba?"

Nan ya tsaya. Ya dube ni, ya dubi injin.

"Ni nir riƙe ta. Tun tana shekara biyu."

"Riƙon za shi shiga a ƙasa. Nan kalma guda akan sa. Kawu ko?"

"Sa hakanan," in ji Baba, a hankali.

Aka karanta masa da Hausa a gaban jami'in rantsuwa: shi yayan mahaifiyata ne, ya riƙe ni tun ina ƙarama, da sunansa aka sa ni makaranta, abin da ya faɗa a rantsuwar farko cewa shi ya haife ni ba daidai ba ne, ga sunan mahaifina, ranar haihuwa kuma tana nan yadda take. Aka tambaye shi ko haka ne, ya ce haka ne. Ya sa hannu da ajaminsa, aka buga hatimi. Ya ci gaba da tsayuwa yana jira, sai da na taɓa hannun rigarsa na ce an gama. A waje ya tambaye ni ko da gaske shi ke nan. Na saya masa lemo, ya riƙe bai sha ba har gida.

Na sake buga wasiƙar da ƙarin layi ɗaya, na koma Zurmi shugabanmu ya sake sa hannu, na juyo Kaura washegari. Saura kwana biyu. Jami'in ya karanta rantsuwar Baba har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya buga hatimin karɓa a kan kwafina ya ba ni, ya ce in adana shi kamar ido. Ya rubuta 'yan layuka a fayil zuwa ga na gaba da shi, ya ce in an amince za a aika wa masu albashi su canza suna, sauran kuma nasa ne. Na tambaye shi ko za ta isa a kan lokaci. Ya ce mai kai takardu zai tafi Gusau da safe in hanya ta yi kyau.

Wannan "in" ɗin na kwana da shi na tashi da shi har ƙarshen wata. Wayata ba ta bar aljihun rigar aikina ba. Ranar da aka fara biya, na ji ta abokiyar aikina ta yi ƙara, ta shugabanmu ta yi, tawa shiru. Na shiga ɗakin ajiyar magani na rufe ƙofa na zauna a kan kwali. Sai bayan la'asar saƙon ya shigo. Takardar albashin da ta biyo baya ta zo da sunan mahaifina, na daɗe ina kallonta kamar ta wata ce aka ba ni in riƙe.

Sabon katin shaidar aiki ya ɗauki wasu makonni. Da na je karɓa, sai da na miƙa tsohon, don ba a barin mutum da biyu. Jami'in ya jefa shi a aljihun tebur, na sa hannu a littafi na karɓi sabon. Fayil ɗina yana gabansa, na ga abin da ya yi wa bangonsa. Ya ja layi ɗaya da jan biro a kan sunan Baba, ya rubuta na mahaifina a sama, ya sa hannu da kwanan wata a gefe. Na ce ashe ba gogewa ake yi ba. Ya ce a fayil ba a goge komai, dole wanda zai zo bayansa ya ga abin da ke wurin da, ga kuma takardun makarantata da za su ci gaba da zama da tsohon sunan.

Daga nan gidan Baba na nufa. Na miƙa masa katin, ya kai shi dab da idonsa, ya juya shi, ya shafa hoton da babban yatsa. Ba ya karanta boko, sai ya ce in karanta masa. Na karanta sunana da na mahaifina. Ya ce Allah ya jiƙan shi, ya sa albarka, ya miƙo mini.

"Wancan na da hwa?"

"Sun amshe, Baba."

"To." Ya jawo wani wando da aka kawo gyara ya shimfiɗa a gwiwa, yana neman inda ya yage bai samu ba. "Can cikin takardun nasu ma sun hidda ni ke nan."

Na gaya masa yadda na ga bangon fayil ɗin, jan layi ɗaya kawai, sunansa na nan a ƙarƙashi.

"Ana iya karanta shi?"

"Ana iyawa, Baba. Sarai."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙo mini allura da zare, ya ce in zura masa, yau idon ya ƙi.